Kumburin fuska a yara: ku duba fitsari kafin ku ce sanyi ne

A watan Janairu, lokacin da sanyin Jos ke hana mutane taɓa ruwa da safe, aka kawo min yara biyu cikin mako ɗaya a ɗakin shan magani inda nake aiki. Dukansu fuska a kumbure, idanu sun ƙanƙance kamar wanda zuma ta harba. Dukansu kuma an fara musu jiƙe-jiƙe a gida, domin an ce sanyi ne ya shige su. Wanda ya gan su a kan benci zai rantse ciwo ɗaya ke damun su. Ƙoda ce ta taɓu a wurin su biyun, wannan gaskiya ne, amma ciwon ba ɗaya ba ne, haɗarin ba ɗaya ba ne, maganin ma ya bambanta. Abin da ya raba su yana cikin fitsarinsu.

Na farko ɗan shekara huɗu ne daga Gangare. Mahaifiyarsa ta ce, "Sista, da safe idanunsa ne ke kumbura, in yamma ta yi sai ya sauko ƙafa. Yanzu har cikinsa da gabansa sun cika, wandonsa ba ya shiga." Na ɗora shi a sikeli, kilo 18, alhali katinsa ya nuna kilo 15 wata biyu da suka wuce. Yaro ba ya yin ƙibar kilo uku haka kawai, ruwa ne. Na danna ƙaurinsa da babban yatsa, ramin ya tsaya bai cike ba. Na tambaye ta kalar fitsarinsa, ta ce ba ta ga canji ba, sai dai in ya yi a fo yana kumfa kamar an zuba omo, kuma kumfar ba ta kwanciya. Na auna jininsa, bai hau ba. Na tsoma tsinken gwaji a fitsarin: gurbin furotin ya nuna +++, wato da yawa, gurbin jini bai motsa ba.

Na biyu almajiri ne ɗan shekara tara, malaminsa ya kawo shi daga wajen Rikkos. Kumburinsa bai kai na farkon ba, fuska ce da ɗan idon sawu. Amma yana riƙe da kai, ya yi amai sau biyu. Malam ya ce tun jiya sau ɗaya ya ga ya zagaya. Da ƙyar muka samu ɗan fitsari a kwalba, kalarsa kamar baƙin shayin da ya jima a kan wuta ba a sa madara ba. Awon jininsa 150/100, wanda ko ga babban mutum ya yi yawa, balle yaro. Tsinken gwaji ya nuna jini da yawa, furotin kaɗan. Da na duba tsakanin yatsunsa da ƙafafunsa sai ga tabon ƙazwa, wasu sun yi ruwa sun bushe. Na ce, "Allah gafarta Malam, yaushe ƙurajen nan suka fito?" Ya ce sun kai wata guda.

Likitoci suna kiran ciwon yaro na farko nefrotik, na biyu kuma nefritik. Sunayen sun yi kama har ɗaliban kiwon lafiya kan rikice, don haka ni na fi gane su ta hanyar rariya. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, aikinsu su tace jini, su fitar da ruwa da datti, su riƙe abin da jiki ke buƙata, wato ƙwayoyin jini da furotin.

A ciwon nefrotik ramukan rariyar ne suka buɗe. Furotin da ake kira albumin, wanda shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, sai ya dinga zuba cikin fitsari, shi ne kumfar da uwar ta gani. Idan ya yi ƙasa a jini, ruwa sai ya tsiyaye cikin tsoka da ciki, jiki ya cika. A babban mutum ana cewa nefrotik ne idan furotin da ke fita ya wuce giram 3.5 a cikin awa 24, albumin na jini kuma ya faɗi ƙasa da giram 3 a kowane desilita. Albumin na yaron Gangare 1.8 aka samu. Kitsen jini ma yana hawa, saboda hanta na ƙoƙarin cike gurbin abin da aka rasa.

A ciwon nefritik kuwa rariyar ce ta yi rauni, ta kumbura, ta toshe. Ta wajen raunin jini ke ɓullowa, shi ya sa fitsari ke komawa kalar shayi. Saboda toshewar kuma ruwa da gishiri ba sa fita, fitsari ya ragu, jini ya hau. Idan aka duba irin wannan fitsari a madubin awo ana ganin jajayen ƙwayoyin jini da suka lanƙwashe, wasu sun dunƙule sun ɗauki siffar bututun ƙoda. A takardar sakamako za ku ga an rubuta RBC casts. Wannan ita ce shaidar cewa daga matatar ƙoda jinin ya fito.

A nan sai na tsaya kan tsargiya, domin ita mutanenmu suka fi sani idan aka ce jini a fitsari, musamman yaran da ke wanka a tsofaffin kududdufan haƙar kuza. Jinin tsargiya daga mafitsara yake zuwa, ja ne sosai, a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, kuma yawanci ba ya zuwa da kumburin fuska ko hawan jini. Na nefritik ya gauraye da fitsarin daga farko har ƙarshe, ya yi duhu. Haka nan kumburin yunwa: yaron da ke da shi ƙafafunsa na kumbura, gashinsa ya yi ja, amma fitsarinsa ba furotin a ciki.

Abin da ya kama almajirin nan ya samo asali ne daga ƙazwar. Yaro ya yi ta susa, fata ta fashe, wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokus ta shiga. Jiki ya tashi yaƙi da ita, sai ɓarɓashin yaƙin ya maƙale a matatan ƙoda. Ba nan take abin ke fitowa ba, kuma wannan ne ke ɓatar da iyaye. Bayan ƙurajen fata ana ɗaukar mako uku zuwa shida, bayan ciwon maƙogwaro kuma mako ɗaya zuwa uku. Kafin fuska ta kumbura kowa ya manta da ƙurajen. Ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 12, kuma ya fi yawa inda ake kwana a cunkushe ana musayar bargo. A sanyin nan namu wanka da wanki na raguwa, ƙazwa sai ta samu wuri. Akwai wasu sanadin na nefritik, kamar nau'in da fitsari ke yin duhu kwana ɗaya ko biyu da fara mura, da cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke afka wa jikin kansa kuma ta fi kama mata matasa, amma a yaranmu wannan na bayan ƙuraje da maƙogwaro shi muka fi gani.

Almajirin nan ban ajiye shi ko awa ɗaya ba. Hawan jini irin wannan a yaro na iya taɓa ƙwaƙwalwa ya fara jijjiga, ruwa na iya taruwa a huhu numfashi ya gagara, sinadarin fotasiyam kuma na iya hawa ya rikita bugun zuciya. Na rubuta takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Can aka kwantar da shi, aka hana shi gishiri, aka ƙayyade ruwan da zai sha gwargwadon fitsarin da yake yi, aka ba shi maganin sa fitsari da na hawan jini, da fenisilin don kashe ragowar ƙwayar cutar. Gwajin jini ya nuna C3, wani sinadarin garkuwar jiki, ya yi ƙasa, abin da ake tsammani a wannan nau'in, kuma yakan koma daidai cikin mako shida zuwa takwas. Kafin mako guda fitsarinsa ya dawo, kumburin ya sace. Yawancin yara masu wannan ciwo suna warkewa sarai idan sun tsallake kwanakin farko, ko da yake ɗan jinin da ido ba ya gani kan jima watanni a fitsari.

Yaron Gangare tafiyarsa ta fi tsawo. A yara 'yan shekara biyu zuwa shida, nefrotik yawanci nau'i ne da ke jin maganin firednisolon, ana ba da miligiram 2 a kan kowane kilo kullum na mako huɗu zuwa shida, sannan a rage a hankali. Shi an ɗora shi a kan miligiram 30, bisa nauyinsa na asali. A kwana na goma sha biyu furotin ya ɓace daga fitsarinsa. Na roƙi mahaifiyarsa abu biyu. Kada ta tsayar da maganin don ta ga kumburi ya tafi, domin yanke shi farat ɗaya haɗari ne. Kuma duk ranar da ya yi zazzaɓi ko ciwon ciki ta kawo shi a ranar, saboda sinadaran garkuwar jiki ma suna zuba cikin fitsarin, ruwan da ke cikinsa na iya kamuwa da cuta. Haka jinin masu wannan ciwo na saurin daskarewa, don haka ƙafa ɗaya da ta kumbura fiye da 'yar'uwarta tana ciwo ba abin jira ba ne. Ciwon yakan dawo, sau da yawa bayan mura, kuma dawowarsa ba laifin uwa ba ne.

Ina jin takaici idan na ga an sayo firednisolon a kemis an ba kowane yaro mai kumburi saboda ya yi wa ɗan maƙwabta aiki. Da almajirin nan aka ba, ba abin da zai yi masa sai ƙara hawan jinin. Ko cikin masu nefrotik ɗin ma akwai waɗanda ba sa jin maganin, sai an ɗebi ɗan tsokar ƙoda da allura an duba kafin a san inda aka dosa.

A manya kuwa, fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa yakan zama alamar wani ciwo ne da ke ƙasa: ciwon suga da ya jima, ciwon hanta nau'in B, cutar ƙanjamau, sikila, ko lufus. Akwai kuma abin da muke jawo wa kanmu, wato yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen, da man bilicin da sabulun da ke ɗauke da sinadarin makuri. Idan ma'aikacin lafiya ya tambaye ki man da kike shafawa, Hajiya, ki faɗa masa gaskiya, ko ki zo da kwalbar. Wani lokaci kuma ciwon kan zo da alamun biyun a haɗe, furotin da yawa ga kuma jini da hawan jini, irin wannan na likitan ƙoda ne kai tsaye.

Idan za ku kawo yaro mai kumburi, ku tara fitsarinsa na farko da safe a kwalba mai tsabta, ku lura sau nawa ya yi tun jiya, ku tuna ko ya yi ƙuraje ko ciwon maƙogwaro a wata guda da ya wuce, ku zo da duk maganin da aka ba shi har da na gargajiya. Ku nemi a auna masa jini da abin awo na yara, domin na manya yakan nuna ƙasa da gaskiya a ƙaramin hannu. Bayan an sallami almajirin na koma makarantarsu da maganin shafawa na ƙazwa. Malam ya tara su a zaure, muka duba hannu ɗaya bayan ɗaya, muka samu bakwai da ƙuraje, biyu daga ciki sun riga sun yi ruwa. Waɗannan biyun na sa musu ranar dawowa gwajin fitsari nan da mako uku.