Mace-macen masu juna biyu: da wace lamba ake rabawa?

An daɗe ana zaton in an ce mace-macen masu juna biyu ya kai 500, ana nufin cikin mata 100,000 na ƙasa ne. Ba haka ba ne. Da yawan jariran da aka haifa da rai ake rabawa. A ce mata 40 sun rasu sanadin ciki, haihuwa, ko cikin kwana 42 bayan ƙarewar cikin, kuma an haifi jarirai 8,000 da rai a shekarar. A raba 40 da 8,000, a ninka da 100,000, a sami 500. Wadda haɗarin mota ya kashe ba ta shiga lissafin. Wadda ta rasu wajen ɓari kuwa tana ciki, kuma ita aka fi mantawa da rubutawa.