Takardar kuɗin dako

Takardar kuɗin dako ita ce takardar da kamfanin jirgin ruwa ko mai motar ɗaukar kaya yake miƙa wa mai kaya don neman hakkinsa na jigila. Tana nuna inda aka yi lodi da inda aka sauke, da lambar kwantena ko ta mota, da kuɗin da ake bi. A kwantenar da ta sauka tashar Apapa ko Tin Can a Legas za ta Kano, yawanci takardu uku ne suke zuwa: ta kamfanin jirgi, da ta masu kula da filin tasha, da ta mai tirela. Kuɗin dakon kansa ba kasafai ake gardama a kansa ba, tunda tun kafin lodi aka yi ciniki. Rigimar tana cikin ƙare-ƙaren da ke biyo bayansa.

Dimorej

Dimorej tara ce ta jinkiri. Kamfanin jirgi yana ba mai kaya wasu kwanaki kyauta bayan an sauke kwantena. Idan suka ƙare ba a fitar da ita daga tasha ba, sai a fara lissafin kuɗi kullum. Wannan daban yake da kuɗin ajiya da masu filin tasha suke karɓa, daban kuma da tarar riƙe kwantena a waje bayan an fitar da ita daga tasha. Mai kaya a Kano ya fi jin zafin ta ƙarshen, domin sai kwantenar ta koma Legas babu komai a ciki kafin a daina ƙirga masa.

Farashin yakan hau mataki-mataki, kuma a nan ake yawan kuskure. Ga misali da alkaluman kwatance. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari an sauke kwantenarsa mai ƙafa 40 ranar 3 ga Maris, da kwana 7 kyauta, wato zuwa ranar 9. Takardun kwastan suka ja, ba ta fita ba sai ranar 18, kwanakin dimorej sun zama 9 ke nan. Idan kwana 5 na farko naira 40,000 ne kowanne, sauran kuma 70,000, lissafin shi ne 200,000 da 280,000, jimla 480,000. Takardar da ta zo da 630,000 ta ɗora dukkan kwanakin a kan farashin mataki na biyu. Ana gane haka ne ta hanyar gwada ta da jadawalin farashin kamfanin da kuma takardar fita ƙofar tasha. Da yawa ba sa yin wannan binciken saboda zumuɗin karɓar kaya, abin takaici ne kuwa, don kuɗin da ya riga ya fita da wuya yake dawowa.

Ƙarin kuɗin mai

Tirela dizal take sha, farashinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa masu motoci suke ware masa layi na musamman. Hanyar gaskiya ita ce a rubuta farashin lita da aka yi ciniki a kai, sannan a biya bambancin kawai. In an daidaita kan naira 1,000, ranar lodi ya kai 1,200, tafiyar kuma ta ci lita 900 zuwa da dawowa, ƙarin 180,000 ne. Takardar da ba ta faɗi farashin tushe ba, ba yadda za a tantance ta. A takardun jiragen ruwa irin wannan ƙari yakan fito da haruffan BAF.

Shaidar isar kaya

Ita ce kwafin takardar rakiyar kaya da mai karɓa ya sa wa hannu, ana liƙa ta a jikin takardar kuɗi, kuma kamfanoni da dama ba sa biya sai sun gan ta. Ana rubuta rana da lokacin isowar mota, da lokacin da aka gama sauke ta, da yawan kayan da aka ƙirga. Kafin a yanke hatimin ƙofar kwantena, mai sito ya duba lambarsa ya gwada da wadda ke rubuce, a gaban direba. Idan katan 600 aka rubuta amma 594 suka sauka, ko wasu sun jiƙe, a rubuta hakan a jikin takardar nan take, direba ma ya sa hannu. Wanda ya sa hannu salin alin ya amsa cewa kaya sun iso cif, sai ya yi wahala a saurari ƙorafinsa daga baya.

Lokutan nan biyu suna da wani aikin kuma. Da su mai tirela yake lissafa kuɗin kwanan mota idan aka bar ta tsaye ƙofar sito ba a sauke ba. Motar da ta iso daren Alhamis aka sauke ta safiyar Asabar, direba zai ce kwana biyu ya yi, mai sito kuma zai ce dama ba a sauke kaya da dare, don haka daga safiyar Juma'a ake ƙirgawa. Abin da aka rubuta a yarjejeniya game da lokacin fara ƙirga shi ne yake raba su.