Mantra ba take ba ce

Tun zaɓen 2015, da jaridun Turanci suka riƙa kiran alƙawarin canji da "mantra", kalmar ta shige bakin masu sharhi, har a rediyon Hausa. Kowane taken kamfe yanzu mantra ne. Abin yana damuna, domin take don kunnen jama'a ake ƙirƙirarsa, ita kuwa mantra mai faɗinta take nufa.

Kalmar ta Sanskirit ce, tsohon harshen addini na Indiya. "Man" tunani ne, "tra" kuma ɗafi ne mai nuna kayan aiki. Kayan aikin tunani ke nan. Mantra kalma ce ko jimla ta ibada da mabiya Hindu da Buddha sukan maimaita da carbi mai ƙwaya 108, kuma mafi shahara ita ce gaɓa guda, Om.

A wurin malamansu na farko, ƙarfin yana cikin sautin kansa, fahimtar ma'ana ba ta isa ba. Akwai labari a littattafan Beda, tsofaffin littattafan addinin Hindu, da Bahaushe zai gane kafin Bature. Tabashtar, ɗaya daga abin bautarsu, ya fusata da Indira, wani abin bautar nasu, saboda ya kashe masa ɗa, sai ya yi hadaya yana roƙon wani ɗan da zai rama. Ya furta "indrashatru". Idan an ɗaga murya a ƙarshen kalmar, ma'anarta mai kashe Indira. Idan a farko, wanda Indira zai kashe. Ya ɗaga a farko. Aka sami ɗan, Biritira, Indira ya kashe shi. Mu da ke raba kukan yaro da kukar miya da karin sauti kaɗai mun san wannan ba wasa ba ne. Shi ya sa ake karɓar karatun Beda baki da baki, malami yana gyara kowane hawa da saukar murya, aka kuma kiyaye lafazin shekaru dubbai.

To, maimaitawar fa? Wani ɓangare nata ana iya aunawa. A 2001 likita Luciano Bernardi na Italiya da abokansa suka auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, da kuma wata mantra. Duka biyun sun sauko da numfashi zuwa kusan sau 6 a minti, alhali baligi yakan yi 12 zuwa 20. Jimlar ce ke tilasta fitar da iska a hankali, sai numfashi ya daidaita da wani hawa da saukar matsin jini mai zagayowa duk daƙiƙa 10.

A ganina wannan bai tabbatar da tsarkin wani sauti ba, tunda Latin da Sanskirit sakamako ɗaya suka bayar. Tsawon jimla da natsuwa ne suka yi aikin. Wanda ya yi ta zuba kalmomin da gaggawa don ya cika ƙidaya, numfashinsa ba zai sauka ba, kuma zai gane da kansa: yana ƙare carbin yana haki.