Bot ɗin kwastomomi a WhatsApp: yadda saƙo ke iso maka da yadda ake riƙe zaren hira

Malam, ina sayar da kilishi ta WhatsApp, saƙonni sun fi ƙarfina. Ina so in haɗa bot da zai riƙa karɓar oda. Daga ina zan fara?

Daga adireshin da saƙo zai riƙa sauka. A tsarin Cloud API na kamfanin Meta mai WhatsApp, ba manhajarka ce ke zuwa tana leƙa ko an turo saƙo ba. Kai ne za ka ba su adireshin intanet guda ɗaya mai farawa da `https`, su kuma duk lokacin da kwastoma ya rubuto, sai su turo saƙon zuwa wannan adireshi. Wannan shi ne webhuk, kuma a shafinsu za ka ga sashen da sunan Webhooks. Saboda haka dole ka tanadi saba, wato kwamfutar da manhajarka ke zaune a kanta dare da rana. Laftof ɗin da ake rufewa in an ɗauke wuta ba zai yi ba sai dai don gwaji.

Kafin su fara turo komai, sai sun tabbatar adireshin naka ne. Za ka ƙirƙiri wata kalmar sirri ka rubuta ta a shafinsu, su kuma su aiko ta da buƙatar `GET` tare da wata lamba da suke so ka mayar musu yadda take. A nan `a` shi ne bayanan da suka zo da buƙatar, `SIRRI` kuma kalmar sirrinka:

```python
if a["hub.mode"] == "subscribe" and a["hub.verify_token"] == SIRRI:
    return a["hub.challenge"], 200
```

In wannan ya wuce, ka zaɓi `messages` cikin abubuwan da kake so a riƙa turo maka. Mutane da dama suna mantawa da wannan, su zauna suna jiran saƙon da ba zai zo ba.

Na gwada. Bot ɗin ya tambayi "leda nawa?", na rubuta 2, sai ya koma yana yi mini sallama daga farko.

To, ɗan'uwa, ka iso ainihin aikin. Kowane saƙo shi kaɗai yake zuwa. Abin da ke cikinsa shi ne lambar wanda ya turo a `from`, shaidar saƙon a `id`, lokaci, da rubutun kansa. Babu wani abu a ciki da ke cewa "wannan amsar tambayar adadi ce". Kamar mai shagon da ke manta fuskarka da zarar ka juya baya: sai da littafi a gabansa. Wannan 2 ɗin tana iya nufin leda biyu, ko kaya na biyu a jeri, ko kuma ranar 2 ga wata. Matakin da hirar take ne kaɗai ke fayyace ta, kuma kai ne za ka adana matakin.

Tebur ɗaya a rumbun bayanai ya isa a fara:

```sql
CREATE TABLE hira (
  lamba  TEXT PRIMARY KEY,
  mataki TEXT,
  kwando TEXT,
  lokaci INTEGER
);
```

Bari mu bi oda ɗaya. Wata Hajiya ta rubuto "Salamu alaikum". Bot ya duba lambarta a tebur, bai same ta ba, sai ya buɗe mata layi da mataki `zabi`, ya amsa sallama, ya tura maɓallai biyu: mai yaji da marar yaji. Ta danna mai yaji. Ya duba tebur ya ga `zabi`, ya rubuta zaɓinta a kwando, ya mayar da mataki `adadi`, ya tambaye ta leda nawa. Yanzu in 2 ta iso, babu ruɗu, domin tebur ya ce ana jiran adadi. Daga nan sai `adireshi`, sai `tabbatarwa`, inda zai karanto mata duk abin da ta nema kafin ta ce eh.

In ta rubuta "guda biyu" ko "nawa ne kuɗin kawowa?" a wurin adadi fa? Kada matakin ya motsa. Bot ya sake tambaya cikin ladabi, ya nuna mata misali. Ni ina ganin duk inda maɓalli zai iya aiki, a sa maɓalli, domin yana dawo maka da shaidar da kai ka rubuta, ba sai ka yi ta hasashen abin da mutum ke nufi ba. Iyakarsa dai maɓallai 3 a saƙo ɗaya. In kayanka sun fi haka, akwai saƙon jeri mai ɗaukar har 10.

Kada ka riƙe matakin a ƙwaƙwalwar manhaja kawai. Ranar da sabar ta sake tashi, duk wanda ke tsakiyar oda ya koma baƙo. Shi kuwa `lokaci`, amfaninsa ke nan: wanda ya tsaya a `adadi` ranar Litinin ya dawo ranar Alhamis da sallama, bai kamata a tare shi da "leda nawa?" ba. Ka sa wa'adi, misali awa biyu, in ya wuce a tambaye shi ko zai ci gaba ko a fara sabuwa.

Wani lokaci oda ɗaya tana shiga sau biyu ko uku. Me ke jawo haka?

Rashin amsa 200 a kan lokaci, wato lambar da sabarka ke mayarwa don ta ce saƙo ya iso. In Meta ta turo saƙo ba ta samu wannan amsar ba, za ta ɗauka bai isa ba, ta ci gaba da sake turowa, tana ƙara tazara, har tsawon kwana 7. Sau da yawa manhajar ce ta rubuta odar sannan ta faɗi kafin ta amsa. Ban da wannan, akwai abubuwa biyu da ke yawan kayar da manhaja har Meta ta yi ta maimaita turowa. Na farko saƙon murya, wanda mutanenmu ke yawan turawa: nau'insa `audio` ne, ba shi da `text`, manhaja ta nemi rubutu ta rasa. Na biyu sanarwar cewa saƙonka ya isa ko an karanta shi, wadda ke zuwa ta wannan adireshin ɗai, amma a ƙarƙashin `statuses`, babu `messages` a cikinta.

Gane shi ba wuya. Buɗe tarihin sabar: in ka ga `id` iri ɗaya mai farawa da `wamid.` ya bayyana fiye da sau ɗaya a ƙarƙashin `messages`, maimaici ne daga Meta, ba kwastoma ne ya turo sau biyu ba. Magani shi ne ka ajiye saƙon da zarar ya iso, ka amsa 200 nan take, sannan ka yi sauran aikin. Ka kuma buɗe wani tebur na shaidun da ka riga ka gani, wanda ba ya karɓar shaida ɗaya sau biyu. Duk wadda ya ƙi karɓa, ka amsa 200 ka ƙyale ta.

Wani zai iya turo saƙon bogi zuwa adireshina?

Ƙwarai, in ya san shi. Shi ya sa kowace buƙata ke zuwa da sa hannu a `X-Hub-Signature-256`. Ka lissafa naka da `HMAC-SHA256` da App Secret ɗinka, wato mabuɗin sirrin da Meta ta ba manhajarka, a kan ɗanyen saƙon kamar yadda ya iso, kafin ka warware shi, in ba su dace ba ka watsar. Wannan ba abin da za a ce sai an samu lokaci ba ne, tunda lambobi da adireshin gidajen mutane kake riƙewa.

Washegari na so in sanar da kwastoma kayanta sun taso, saƙon ya ƙi tafiya.

Awa 24 sun wuce ke nan tun saƙonta na ƙarshe. A cikin wannan wa'adi kana iya rubuta mata abin da kake so. Bayansa sai saƙon da ka tsara tun farko Meta ta amince da shi, in ba haka ba za ka ga kuskure mai lamba 131047. Ka shirya irin wannan saƙo na "kayanki sun taso" tun kafin ka buɗe bot ɗin, domin amincewar ba a hannunka take ba.

Ka kuma ƙara mataki ɗaya mai suna `mutum`. Duk wanda ya nemi magana da mai shago, ko bot ya kasa fahimtarsa sau biyu a jere, a mayar da shi can, bot ya yi shiru a kan lambarsa, a turo maka sanarwa. Kai ma awa 24 ɗin nan ce ke kanka, don haka kada ka bar irin waɗannan su kwana.