Me ya sa ake fara wa sabon maharbi da ɗan ƙaramin harsashi?

Tambaya: Yaya, na je filin koyon harbi a nan Jidda, mai horarwa ya miƙo mini bindigar .22 LR, wai rimfaya ce, santafaya sai na goge. Raina ni ya yi?

Amsa: Ƙanena, gata ya yi maka. In ka koma, juya harsasan biyu ka dubi gindinsu. Na santafaya za ka ga ɗan maɓalli a tsakiya. A cikinsa ne maganin da ke kyasta wuta yake, kamar kan ashana. Ka taɓa kunama, tsinken ƙarfe ya doke shi, tartsatsin ya bi ta ɗan rami ya kama albarushi. Na rimfaya kuwa, irin wanda aka ba ka, gindinsa sumul yake. Maganin yana cikin leɓen da ya zagaye gindin kwanson, tsinken ya matse leɓen, wuta ta tashi.

Tunda sai leɓen ya lotse, dole tagullar kwanson ta zama siririya, siririyar tagulla kuma ba ta jure matsi mai yawa. Shi ya sa albarushinsa kaɗan ne, kan harsashin ma galibi giram 2.6 ne kacal. Ba ya tokarin kafaɗa, ƙararsa da sauƙi, ga araha.

Na taɓa ganin wani saurayi da ya nace sai babba. Harbi uku, ya fara runtse ido yana dankwafar da bakin bindiga tun kafin ta tashi, harsasansa duk suna sauka ƙasan allo. Wannan ɗabi'a ta fi saurin shiga a kan fita. Da .22 LR kuwa hankalinka na kan numfashi da saiti. Kada ka ɗauke shi na yara: tun 1887 ake ƙera shi, kuma da shi ake harbin mita 50 a gasar Olamfik.

Tambaya: Sau ɗaya na danna, shiru. Me ya faru?

Amsa: Halin rimfaya ne. Wani lokaci maganin bai zagaye leɓen duka ba, tsinken ya faɗa inda babu komai. Bar bakin bindigar yana kallon allo, ka ƙirga daƙiƙa 30, domin wani yakan makara kafin ya tashi, sannan ka kira mai horarwa. In an fito da shi, dubi leɓen. In shaidar tsinken mai zurfi ce, laifin harsashi ne. In sama-sama ce, a duba tsinken ko dattin da ya taru.

Kuma kada ka danna kunamar bindigar rimfaya babu harsashi. A yawancinsu tsinken yakan doki ƙarfen bakin ramin da harsashi ke zama, ya ɓata shi.

Tambaya: Ashe ba shi da haɗari sosai?

Amsa: Yana kisa sarai, kuma yakan yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Toshe kunnenka, sa tabarau, yatsa kuma nesa da kunama har sai ka saita.