Kuɗin sola na gida: ku daina tambayata jimla, ku raba lissafin gida huɗu

Malam, nawa sola yake yanzu?

Sola na me? Na fanka ɗaya da cajin waya ko na gida mai tallaja, wato firji, da mukayyif mai sanyaya ɗaki? Babu wani abu guda da ake kira sola a ɗauko maka shi daga kanta. Kaya huɗu ne, fanel, batir, inbata, sai kuɗin haɗawa, kowanne da farashinsa kuma kowanne da irin hanyar da ake cutar mutum a kansa. Duk wanda ya ba ka jimla ɗaya a dunƙule bai rubuta maka su ɗaya bayan ɗaya ba, ka ce masa ka gode ka yi gaba.

Ƙanina da ke Jidda zai turo kuɗin, ya ce in faɗa masa ko jinai nawa ne.

Kar ka faɗa masa a jinai, Alhaji. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023 kuɗinmu jinai bai zauna wuri ɗaya ba, kayan nan kuma duk daga waje ake shigo da su, ɗan kasuwa da dala yake lissafinsa ko da jinai ya faɗa maka. Ka karɓi farashi da dala, riyal kuwa a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, shi can zai san abin da zai turo. Ranar da kuɗin suka shigo a ranar za ka saya, kar su kwana sati a hannunka.

To daga ina zan fara?

Daga takarda da biro. Ka zagaya gidanka ka rubuta abin da za a kunna da awa nawa, na dare daban na rana daban, don na dare shi zai nuna girman batir, jimlar duka biyun kuma ita za ta nuna yawan fanel. Ga misalin gida irin wanda aka fi kawo min nan Gadarif: fankar sama uku kowacce wat 75, ƙwan fitila shida masu wat 10, tallaja ɗaya, talabijin, sai wayoyi. Da dare fanka uku na awa 10 sun ci wat-awa 2,250, fitilu na awa 5 sun ci 300, tallaja kamar 700, talabijin da wayoyi kamar 300, ka ga dare ya tashi wajen 3,500. Da rana kuma a ce 3,000. Jimla 6,500 a wuni. Wannan lambar ce kuɗinka, ba yawan ɗakunan gidanka ba.

Fanel nawa ke nan?

Huɗu masu wat 550. Rana mai ƙarfi da za ka dogara da ita a ƙasar nan ka lissafa awa 5, sannan ka zubar da kusan kashi 30 cikin ɗari saboda zafi da ƙura da asarar waya da ta inbata, sai ka ga kana buƙatar wajen wat 1,900, fanel huɗu kuma 2,200 ne. Kuma don Allah ku daina cewa ai rana ta yi zafi fanel zai fi ja. Haske yake so ba zafi ba, lambar da ke bayansa an auna ta ne a digiri 25, a watan Afrilu da Mayu kuwa gilashin ko taɓa shi ba ka iya yi, sai ƙarfinsa ya ragu. In za ka kwatanta farashi ka raba kuɗin fanel da yawan wat ɗinsa, a nan za ka ga wanda ya fi araha da gaske.

Batir na ruwa zan saya ko litiyom? Wani ya ce litiyom ɓarnar kuɗi ne, wani ya ce na ruwa ba ya kai shekara.

Wannan ce tambayar da ba na so in amsa a tsaye bakin shago, saboda a nan kusan rabin kuɗinka zai tafi kuma amsar ta danganta da abubuwan da kai kaɗai ka sani game da gidanka da aljihunka. Bari in bi ta a hankali.

Batir na ruwa, irin doguwar tubula mai bolt 12 da amfiya-awa 200, in ka ninka za ka ga wat-awa 2,400, amma ba duka ne naka ba. In kana so ya daɗe rabi kawai za ka riƙa ɗiba, wato 1,200, kamar randa ce da ba a son a kwashe ta har gindi. Gidan da muka lissafa yana cin 3,500 da dare, ka ƙara abin da inbata ke ci da kansa, kana neman 4,000 ko fiye kaɗan, saboda haka batir huɗu ne ba biyu ba. Mutane da yawa biyu suke saye don su rage kuɗi, sai kullum kafin asuba inbata ya hau kuka fanka ta tsaya, bayan 'yan watanni batiran sun mutu sai a ce ɗan kasuwa ya yi ha'inci, alhali dare bayan dare ake tatse su ƙarƙaf.

Litiyom kuwa, wanda za ka ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa, guda ɗaya mai bolt 25.6 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 5,120 kuma za ka iya ɗibar kashi 80 zuwa 90 ba tare da ka cutar da shi ba, wato shi kaɗai ya tsaya a madadin huɗun nan. To ka ga kuskuren da ake yi, a ce tubula ɗaya kaza ne litiyom kaza ne kai ya yi tsada, alhali da huɗu ya kamata a gwada shi. In ka yi haka sau da yawa za ka tarar tazarar ba ta kai yadda ake tsoro ba.

Sai maganar zafi, kuma mu nan ita ce babba. Batir na ruwa yana tsufa da sauri a wuri mai zafi, ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage masa kusan rabin shekarunsa. Yanzu ka tuna ɗakin da ake ajiye su, rufin kwano, taga ɗaya a rufe, da la'asar ka shiga ka ji warin asid ka ga farar tsatsa ta taru a kan tasoshin. A irin wannan ɗakin in ka samu shekara biyu ka gode wa Allah, in ana duba ruwansa duk wata ana ƙara tataccen ruwa ba na famfo ba kuma wurin yana shan iska, zai iya kai uku ko ya ɗan wuce. Litiyom na gaskiya ya fi haka daɗewa nesa ba kusa ba, amma shi ma zafi yana rage masa kwana, kuma ka lura na ce na gaskiya, don akwai waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin ƙwayoyi a zuba a sabon akwati a manna takarda, da ido ba za ka gane ba sai an yi masa cikakken caji an sauke an ga abin da ya bayar.

Saboda haka ni dai in mutum yana da tabbacin zama a gidan, ya samu ɗan kasuwar da yake da shago tsayayye da zai ba shi garanti a rubuce, litiyom nake cewa ya saya. In kuwa zaman naku na ɗan lokaci ne kamar yadda da yawa suka baro Khartum da Madani suna jira, ko kuɗin ba su kai ba, ko ba ka yarda da mai sayarwar ba, tubula ba laifi ba ne, amma ka sayi adadin da ya dace ko kuma ka rage kayan dare, fanka biyu maimakon uku. Hajiya, kar ki damu in na ruwa kika riga kika saya, ba asara kika yi ba, ki dai fitar da su daga ɗakin zafi ki sa yaro ya riƙa duba ruwan. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne haɗa tsohon batir da sabo a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Batirin mota fa? Ina da biyu a ajiye.

A'a. An yi shi don tada inji na 'yan daƙiƙu, ba don ya kwana yana juya fanka ba.

Inbata mai wat 1,000 ba zai isa ba tunda kayana duka ba su kai haka ba?

Tallaja idan za ta tashi tana fizgar ninki uku zuwa biyar na abin da take ci, famfon ruwa ma haka. Ga wannan gidan ka nemi mai kilowat 3 na bolt 24, mai MPPT a cikinsa, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel. Kuma ka karanta takardar da ke gefensa, wasu ba sa fara caji sai fanel ya kawo bolt 120, fanel ɗaya mai wat 550 kuwa wajen bolt 42 yake bayarwa yana aiki, ka ga wanda ya sayi biyu da niyyar zai ƙara daga baya zai zauna yana kallon allo babu caji.

Kuɗin haɗawa ai na hannun mai aiki ne kawai ko?

Nan ne ake cinye ku. Akwai ƙarfen da fanel zai hau, wanda dole a walda shi a ɗaure da kyau don fanel ɗaya ya haura mita biyu a tsayi, guguwar habub ɗaya in ta shiga ƙarƙashinsa sai gidan maƙwabci. Ya kalli kudu, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 15 don ƙura da ruwa su gangara. Akwai wayar fanel mai milimita 4 ko 6, akwai wayar batir mai kauri kamar 35 don wutar da ke bi ta cikinta tana iya haura amfiya 100, akwai bireka da fis da wayar ƙasa, akwai kuɗin mota. Ka ce a rubuta maka kowanne da tsawonsa da kaurinsa. In bayan an gama ka taɓa wayar batir ka ji ta yi zafi, siririya aka sa maka, ka kira shi ya canza kafin ta ci gida.

Ka dai ba mu lamba mu ji.

To, amma lambobin nan na koyon lissafi ne, kar wani ya je kasuwa ya ce ni na yanke farashi. A ce fanel dala 100, huɗu 400. A ce inbata 350, haɗawa da kayanta duka 300. A ce tubula 230, huɗu 920, jimla ta zama 1,970. In litiyom ne a ce 1,100, jimla 2,150. Ka share nawa ka sa waɗanda aka faɗa maka a shago uku daban daban, layi huɗu a kowace takarda, nan take za ka ga wanda ya rage a fanel ya rama a waya.

Mai haɗawa ya ce in tura masa kuɗin duka ta manhajar banki ta Bankak ya sayo komai.

Ka je da ƙafarka ko ka tura ɗanka a sayi kayan a gabansa, rasit da sunanka. Kuɗin hannunsa ka ba shi rabi, sauran sai sola ya kwana ɗaya yana aiki fanka ta kai asuba.