Intalok da sharaɗin izini: yadda ake hana bawul biyu buɗewa tare a daffon mai

Bututu ɗaya ne yakan kawo fetur da kananzir da dizal zuwa daffo, wannan na bin bayan wancan. Idan ya iso sai ya rabu zuwa tankuna, kowane reshe da bawul ɗinsa. A ce bawul V1 na tankin fetur ne, V2 na kananzir, V3 na dizal. Muddin V1 da V2 suka kasance a buɗe lokaci guda, fetur zai sami hanyar shiga tankin kananzir. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai digiri 38 ko sama, shi kuwa fetur ko a digiri 40 ƙasa da sifili yana fitarwa. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata tanki guda, kuma ƙarshen wannan man risho ne da fitilar ƙwai a ɗakin wata baiwar Allah.

Abu biyu ake girkewa a na'urar sarrafa daffon don toshe wannan ƙofa, kuma mutane na yawan haɗa su. Sharaɗin izini, wanda injiniyoyi ke kira famisif, kafin aiki yake tsayawa: ka danna "buɗe", na'ura ta duba sharuɗɗa, in ɗaya bai cika ba bawul ko motsi ba zai yi ba. Intalok kuwa yana gadi ne aiki na cikin tafiya. Da zarar mai ya kai matakin haɗari a tanki, zai rufe bawul ya kashe famfo ba tare da jiran kowa ba.

Ga izinin buɗe V2 a rubuce:

```
V2_OPEN_OK = V1_ZSC AND V3_ZSC AND NOT T2_LAH
```

Wato V1 da V3 sun tabbata a rufe, tankin kananzir kuma bai cika ba. Kalmar "tabbata" ita ce ƙashin bayan zancen. ZSC ɗan makunni ne da ke jikin bawul ɗin, ba ya ba da alama sai bawul ya kai ƙarshen rufewa. Mai rubuta tsarin da ya dogara da umarnin da aka aika, maimakon amsar da ta dawo daga fili, ya yi gini a kan toka. Babban bawul mai injin lantarki yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya rufe. A ce mai na gudu lita 5,000 a minti, V1 kuma na buƙatar daƙiƙa 90. In aka saki V2 tun daga lokacin da aka ba V1 umarni, lita 7,500 ce za ta wuce alhali hanyoyi biyu na buɗe. In kuwa V1 ya maƙale a rabi, abin ba shi da iyaka sai wani ya lura.

Shi ya sa ake sa makunni biyu, na rufe da na buɗe, ZSC da ZSO. Duka biyun suka yi shiru fiye da lokacin tafiyar bawul, ko duka suka amsa tare, sai ƙararrawa ta tashi, izini ya janye. Wayar ma ana haɗa ta yadda in ta tsinke na'ura za ta ɗauka bawul bai rufe ba.

Akwai inda dokar ke juyewa. Famfo na turo mai, ka rufe duk bawuloli kafin ka buɗe na gaba, man ya rasa mafita, matsi ya daki bututu. Don haka tsakanin tankuna biyu masu mai iri ɗaya ana buɗe sabon kafin a rufe tsohon, amma na ɗan lokaci ƙayyadadde, domin tankin da ya fi cika zai riƙa kwarara cikin ɗan'uwansa. Tsakanin fetur da kananzir kuwa, gaurayen da ke samuwa a cikin bututu inda su biyun suka haɗu, tankinsa daban ake tura shi.

Abin da ya fi damuna shi ne makunni na iya cewa "a rufe" alhali bakin bawul ya ci, mai na tsiyaya. Alamarsa ita ce tankin da ba a aiki da shi yana ƙaruwa a ma'auni. Maganinsa bawul biyu a jere da ƙaramar mazurara a tsakani, a buɗe ta a gani da ido. Wani abin damuwar kuma shi ne wayar tsallake intalok da ake sawa "na yau kaɗai" saboda tankoki sun yi layi a ƙofa, ta kwana wata shida a wurin.

A daffon mai na Buncefield da ke Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005, tanki mai lamba 912 na da makunnin da ya kamata ya tsayar da shigar fetur in ya cika. Ma'aunin tankin ya maƙale, makunnin kuma bai yi aiki ba, saboda ba a maƙala ɗan kwaɗon da ke riƙe hannun gwajinsa a daidai ba. Fetur ya yi ta ambaliya ta saman tankin har tururinsa ya fashe.